Santa kafet ɗina ya koma kamar sallaya a tsakiyar falo

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mun tare a sabon gida a Fadaman Mada, cikin garin Bauchi. Falon ƙafa 14 ne a faɗi, 22 a tsawo, duk tayil ne. Kujeruna saiti ne, mai zaman mutum uku, mai biyu, da ɗai-ɗai guda biyu, ga dainin mai kujera shida a can ƙarshe. Na sayi santa kafet 5 da 7, da na shimfiɗa sai ya koma kamar sallaya, kujerun kuma kamar ba su san juna ba. Wane girma ya kamata in saya, kuma yaya zan raba wajen zama da wajen cin abinci?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Wallahi ina karanta tambayarki na ji abin a raina, don na san wannan takaicin na ki kashe kuɗinki, ki ɗauko abu da murna, ki shimfiɗa, ki ja da baya ki duba, gabanki ya faɗi. Ba idonki ba ne ke yaudararki, kuma ba kalar ba ce ta ƙi. Kafet ɗin ne ya yi wa kujerun kaɗan.

Ki ɗauko tef ki gwada da kanki. Ƙafa 5 da 7 santimita 152 ne da 213. Kujera mai zaman mutum uku irin wadda kafintocinmu ke yi, mai faffaɗan hannu, takan kai 210 zuwa 230 a tsawo. Kin ga ke nan wataƙila kafet ɗinki bai ma kai tsawon babbar kujerarki ba, balle ya taɓa sauran. Abin da ke haɗa kujeru su zama waje guda shi ne kowace ta ɗora ƙafafunta na gaba a kan kafet ɗaya. Idan babu wadda ta taka shi, ido zai ga abu biyar ne daban-daban a warwatse a kan tayil, kujeru huɗu da ɗan kafet a tsakiya yana yawo shi kaɗai.

Don haka ba falon za ki fara aunawa ba, kujerun za ki fara zaunarwa inda za su zauna, sannan ki auna filin da suka kewaye. Bari in yi miki lissafin da girman da aka fi samu, ke kuma ki gyara da naki awon, don kowane kafinta da hannunsa. Na ɗauka babbar 220 ce, mai biyu 165, ɗai-ɗai 95 kowace, zurfinsu daga gaba zuwa baya 90. Falonki kuma kusan 425 ne a faɗi, 670 a tsawo.

Ki sa babbar kujera a jikin dogon bango, ki bar santimita 10 tsakaninta da bangon saboda labule da kuma kada ta goge fenti. Tibi ya koma ɗaya dogon bangon yana fuskantarta. Ɗai-ɗai biyun su jeru a gajeren bangon da ke nesa da dainin. Mai zaman mutum biyu kuwa, a nan mutane ke jin tsoro, ki cire ta daga jikin bango gaba ɗaya, ki gicciya ta a cikin falon, fuskarta na kallon ɗai-ɗai, bayanta na kallon dainin. Wannan bayan kujerar shi ne katangarki. Tsakanin gabanta da gaban ɗai-ɗai ki bar 250, wato tsawon babbar kujera da ɗan sarari na 15 a kowace kusurwa. Idan kika haɗa 10 na bango, da 90 na ɗai-ɗai, da 250 na fili, da 90 na mai biyu, wajen zama ya ci 440. Saura 230 na dainin. Tebur mai faɗin 90, da wajen jan kujera 65 zuwa 70 ta kowane gefe, zai shiga daidai, muddin kin kwantar da tsawon teburin ya bi faɗin falon.

To yanzu kafet. Ta tsawo, filin 250 ne, kuma kina so ya shige ƙarƙashin kujerun gefe aƙalla santimita 20 kowane ɓangare, ya zama 290. Wannan shi ne mafi ƙanƙanta, ƙasa da haka kada ki yarda. Ta faɗi kuwa, gaban babbar kujera yana 100 daga bango, kafet zai fara daga 80 don ya shige ƙarƙashinta da 20. Idan mai faɗin 200 ne zai ƙare a 280. Kujera mai biyu ta fara daga 100 ta ƙare a 265, ta hau lafiya. Matsalar tana wajen ɗai-ɗai. Su biyun da ɗan sarari na 10 a tsakani sun ci 200, daga 100 zuwa 300, don haka ta ƙarshen ƙafarta ɗaya za ta kasance a kan kafet, ɗaya a kan tayil. Duk wanda ya zauna sai ta yi ƙwas, ta karkata, kuma kullum tana cin bakin kafet ɗin har zaren ya fara warwarewa. Shi ya sa ni a falonki 240 da 340 nake ba ki shawara. Faɗinsa zai ƙare a 320, duk ƙafafun gaba takwas sun hau, kuma ya rage kusan 65 na tayil kafin kabad ɗin tibi idan zurfinsa 40 ne. Ta tsawo kuma kada ki buɗa kujerun don kin ga kafet ya ƙaru, in kika yi haka za ki cinye wajen dainin. Ki bar su a 250 ɗinsu, kafet ya shige ƙarƙashin kowace da 45, rabin zurfinta ke nan.

Idan aljihu bai kai ba, 200 da 290 zai yi, amma da sharaɗi: ki ɗauke ɗaya daga cikin ɗai-ɗai ki kai ta ɗaki ko ki ajiye ta wata kusurwa ita kaɗai, ɗayar ta zauna a tsakiyar gefenta tana fuskantar mai biyu. Ba dole ba ne don an saya a saiti a ce sai duk sun zauna a falo.

Yanzu bari in zo kan abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda ake sayar mana da shi. Ki shiga shago, kafet na rataye a bango a tsaye, ya fi ki tsawo, ki ɗaga kai kina kallonsa, dole ki ga ya yi girma. Ko kuma a warware miki shi a ɗan lungun shagon da bai fi ƙafa shida ba, ya cika wajen har yana hawa kan kaya. Ki ce kujeruna manya ne, a ce miki "Hajiya wannan ai har ya yi yawa, shi kowa ke ɗauka." Mutumin nan bai taɓa ganin falonki ba, bai tambaye ki tsawon kujera ba, bai san ko kina da dainin ba. Abin da ke gabansa shi ne ƙananan sun fi yawa a shagon, sun fi saurin fita. Ki kai gida, ki cire leda, ki dawo washegari a ce an riga an buɗe ba a karɓa. Mata nawa aka yi wa haka a kayan ɗaki, uwa ta yi shekaru tana adashi, ranar jere a shimfiɗa a ga abin bai kai ko'ina ba, ga dangin ango a tsaye, ba halin magana. Sannan ga batun suna. Kamfanonin da ke saƙa su yawanci da santimita suke yanka, mu kuma a nan da ƙafa ake kira, sai a cike lissafin ya koma sama. Mai 200 da 290 za ki ji an ce masa 7 da 10, alhali ainihin 7 da 10 shi ne 213 da 305. An ci ki 13 ta faɗi, 15 ta tsawo, kuma kin ga ai dukan lissafin da muka yi a kan santimita 20 yake tsaye. Ban ce duk masu shago haka suke ba, akwai masu tsoron Allah da za su ɗauko tef da kansu tun kafin ki tambaya. Amma ke ki tafi da naki tef ɗin a jaka, ko kasuwar Wunti za ki ko babbar kasuwa. Ki juya bayan kafet ki karanta takardar da ke manne a kusurwa, sannan ki sa a shimfiɗa a ƙasa ki auna gefe biyu. Idan mai geza ne, ban da gezar a awon. Kuma ki yi magana a fili kafin ki biya cewa in bai yi ba za ki dawo ki canza, a rubuta miki a rasit.

Kafin ma ki fita, ki zana shi a ƙasa. Idan tayil ɗinki mai 60 ne, 240 da 340 tayil huɗu ne a faɗi, biyar da kashi biyu cikin uku a tsawo. Idan mai 40 ne, shida da takwas da rabi. Ki bi layin da alli ko salatif na takarda, ko ki shimfiɗa tsofaffin zannuwan gado ki ninke su daidai awon, ki mayar da kujeru kai. Ki bar shi haka kwana biyu. Ki buɗe kowace ƙofa har ƙarshe ki ga ko ta shiga cikin layin, ki ɗauko tire daga kicin ki wuce, ki ga ta ina yara ke bi idan sun shigo da gudu. Hanyar da aka fi bi, daga ƙofar shigowa zuwa ciki, gara ta kasance a kan tayil zalla, mai faɗin 80 zuwa 90. A tsarin da na ba ki, daga ƙarshen kujera mai biyu zuwa bangon tibi akwai 160, don haka mai zuwa dainin ba zai matsu ba. Abin da ba a so shi ne bakin kafet ya faɗo a tsakiyar hanya ta yadda ƙafa ɗaya na kan kafet ɗaya na kan tayil, ko kusurwarsa ta tsaya daidai bakin ƙofa. Nan ne yake naɗewa, nan ne tsohuwa ke tuntuɓe.

Akwai abin da hotunan falon ƙasashen waje da muke gani a waya ba sa lissafawa: mu kafet wajen zama ne, ba ado kaɗai ba. Suruka ta zo gaida Hajiya ba za ta hau kujera ba. Yara a ƙasa suke cin abinci, a ƙasa suke aikin makaranta. Ranar suna ko ta'aziyya mata goma sha biyar ne za su zube a wajen. A kan 5 da 7, da zarar an ɗora santa tebur, abin da ya rage ɗan zobe ne da ba zai ɗauki mutum ba, sai ki ga baƙuwa rabin jikinta a kan tayil, ga sanyin hunturu na Bauchi. A kan 240 kuwa, ki sa tebur mai 120 da 60, ki ja shi 45 daga gaban babbar kujera yadda hannu zai kai kofi, ƙafa kuma ta samu wucewa. Teburin zai tsaya daga 145 zuwa 205, a gabansa ya rage miki kafet mai faɗin 115. Wannan filin zai ɗauki tire da mutum huɗu, zai ɗauki tumtum biyu, kuma in alƙibla ta bi tsawon falon har sallah za a yi a wajen ba tare da an ture komai ba. Kada ki sayi tebur da ya wuce kashi biyu cikin ukun tsawon babbar kujera, zai toshe gaban na gefe.

Dainin kuma, ni dai ra'ayina ki bar shi babu kafet. Na san za a ce miki a sa biyu iri ɗaya ya fi kyau, amma ki yi tunanin miyar kuka da manja da shinkafar da yara ke zubarwa. Ban da haka, rashin kafet ɗin kansa shi ke raba wajen: nan mai laushi na zama, can tayil na cin abinci, bayan kujera a tsakani. Idan kin nace sai kin sa, dole ya wuce tebur da aƙalla 60 ta kowane gefe, don idan an ja kujera baya ƙafafunta su tsaya a kai. Tebur mai 90 da 160 yana son 210 da 280, kin ga a fili mai 230 zai kusa taɓa bango ta can, ya kusa taɓa kujera ta nan, falon ya cushe. Wanda bai kai haka ba kuwa, duk jan kujera sai ƙafar baya ta maƙale a bakinsa. Abin da zai fi miki amfani shi ne fitila a saman teburin dainin, da kuma ki duba bayan kujera mai biyun. Wasu kafintocin sukan rufe baya da yadi mai araha don sun san bango zai ɓoye shi. In haka taki take, a sake mata yadin baya, ko ki sa siririn tebur mai zurfin 25 zuwa 30 a bayanta in fili ya ba da dama.

Na manta ban ce ba, tsawon kafet ya bi tsawon babbar kujera, kuma tsakiyarsa ya yi daidai da tsakiyarta, ba da tsakiyar falon ba. Da 340 a ƙarƙashin kujera mai 220, za a samu 60 ya fito ta kowane gefe. Ki auna wannan da tef, don ko 10 ya fi ta gefe ɗaya ido zai kama. Ki bi layin tayil wajen daidaita bakinsa, ba bango ba, tunda bangon gidajenmu ba kullum yake miƙe ba. Wannan ya shafi zanen da za ki zaɓa. Masu babban fure a tsakiya da kewayen ado a baki, irin na Turkiyya, ana son a ga kewayen duka huɗu. A tsarinki kujeru za su rufe gefe uku, gefen tibi kaɗai zai fito, furen kuma tsakiyarsa zai faɗo a 200 daga bango alhali tsakiyar tebur na 175, sai ya leƙo ta gefe ɗaya. Don haka ki nemi mai zane iri ɗaya ko'ina, ko mara zane. Idan kujerunki masu fure ne da kwalliyar zinari, kafet ya zama mai sanyin kala.

Kauri ma ki kula. Shagi mai dogon gashi yana da daɗin takawa, amma yakan kai santimita 3 zuwa 5, ƙofa ba za ta wuce ta kansa ba, kujerar da gabanta ya hau za ta kwanta baya, kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu za ta shige can gindin gashin inda tsintsiya ba ta kaiwa. Mai gajeren gashi, kaurin santimita 1 ko ƙasa da haka kaɗan, shi ne na falon da ake rayuwa a ciki. Ko da shi, tunda gaban kujera ya ɗagu, ki sa ɗan guntun kafet ko roba mai kauri ɗaya a ƙarƙashin ƙafafun baya don ta daidaita. Kujerun da ba su da ƙafa, waɗanda akwatinsu ke zaune a ƙasa, sun fi buƙatar wannan, in ba haka ba katakon zai riƙa lilo a kan bakin kafet yana yanka shi. Gefen tibi da babu nauyin da ya danne shi ne zai riƙa zamewa a kan tayil, sai ki sa masa robar nan mai raga-raga da ke hana santsi, ki yanka ta ta gaza kafet da kamar santimita 4 kada ta leƙo.

Idan babba ya yi tsada, akwai wata hanyar. Kafet na nadi, wanda ake malale ɗaki da shi, yawanci faɗinsa mita 4 ne. Ki sa a yanko miki mita 2.4, a rage 60 daga faɗin, kin samu 240 da 340 cif. Ragowar 60 da 240 ta zama ta koridor ko a raba ta na bakin ƙofa. Amma dole a ɗinke bakin da kirtani ko tef na yadi, masu ɗinkin kujera suna yi, in ba haka ba wata ɗaya zai fara zubar da zare. Sannan wannan 5 da 7 ɗin da ya ba ki haushi ki ɗora shi a kai, a ƙarƙashin santa tebur, in kalolin sun jitu. Na ƙasa ya riƙe kujeru, na sama ya yi ado, kuɗinki bai tafi a banza ba. In ba su jitu ba ki kai shi ɗaki, ki tura kashi ɗaya cikin uku ƙarƙashin ƙarshen gado. Abin da ba zan so ki yi ba shi ne ki sayo wani 5 da 7 ki haɗa su gefe da gefe. Layin haɗin ba ya ɓoyuwa, kullum yana buɗewa, kuma in kwanciyar gashinsu ta saɓa, ɗaya zai yi duhu ɗaya haske ko da kala ɗaya ne.

Sabon in ya zo a ninke za ki ga karin ninki da baki mai ɗagowa. Ki naɗe shi ta baya ki bar shi ya kwana, ki shimfiɗa, ki danne kusurwoyin da littattafai kwana biyu ko uku. Kada ki kuskura ki ɗora masa dutsen guga kai tsaye, yawancin na kasuwa zaren roba ne, narkewa yake. Haka ma kaskon turaren wuta, garwashi ɗaya in ya faɗo ya bar rami baƙi da ba ya gyaruwa, don haka wajensa kan tayil ne, can gefen kabad ɗin tibi ko ta wajen dainin. Mai goge falo kuma ki gaya mata ta matse mofa sosai in ta zo kusa da bakin, ruwan da ke shiga ƙarƙashi shi ke kawo warin nan da damina. Duk wata shida ki juya shi, gefen tibi ya koma ƙarƙashin babbar kujera, don takawa da hasken taga kada su cinye gefe ɗaya. Ramukan da ƙafar kujera ta bari, ki ɗiga musu ruwa kaɗan ki tayar da gashin da cokali.

Ki auno mini ainihin tsawon kujerunki, daga wajen hannu zuwa wajen hannu, ki kuma gaya mini ta wane bango ƙofar shigowa take da ta kicin. Idan ƙofar tana jikin dogon bangon da na ce a sa babbar kujera, to sai mun juya tsarin, tibi ya dawo wannan bangon, lissafin kafet ɗin kuwa yana nan yadda yake.